Rahoton Wata-Wata: Yadda Za Ka Nemi Kuɗin Sauƙaƙa Shi Wajen Darakta

A kusan kowane kamfani ko ma'aikata, makon farko na wata mako ne na zaman dirshan a ofishin akanta. Rassa suna turo lissafinsu, wani ta imel, wani ta WhatsApp, wani kuma sai an kira shi sau uku kafin ya turo. Ma'aikaci ya buɗe fayil, ya kwafi lambobi, ya liƙa su a wani fayil, ya rufe, ya buɗe na gaba. A cikin wannan tsukun ne kuma ake fama da harajin albashin ma'aikata, wanda a Najeriya ake biya zuwa ranar 10 ga wata, ga harajin VAT yana jiran ranar 21. Kafin rahoton da shugabanni za su duba ya kammala, wata ya raba tsakiya. Darakta yana karanta labarin watan jiya a lokacin da rabin watan yau ya riga ya wuce.

Mafi yawan wannan aiki kwamfuta za ta iya yin sa da kanta, kuma ma'aikatan da ke yin sa sun san haka. Abin da ke tsayar da su shi ne kuɗi, kuɗin kuma yana hannun darakta. Sai a rubuta masa takarda. Yawancin irin waɗannan takardu suna mutuwa a kan teburinsa, kuma a ganina laifin na takardar ne. Za ka ga an cika shafi uku da yabon fasahar zamani, an ce aiki zai ragu da kashi tamanin cikin ɗari, amma babu inda aka nuna yadda aka samo wannan adadi. Darakta mutum ne da ake kawo wa buƙatun kuɗi kullum. Abin da zai sa wa hannu shi ne lissafin da zai iya bi da biro ya tabbatar da kansa.

Bari mu ƙaddara wani kamfani don mu bi lissafin tun daga tushe. Kamfani ne mai rarraba kayan masarufi, hedkwatarsa a Kano, yana da rassa shida. Ma'aikata uku ne ke haɗa rahoton wata: ciniki, kayan da ke sito, kuɗin da aka kashe, da basussukan da ake bin 'yan kasuwa. Rahoton yana isa wajen darakta wajen ranar 15 ga wata. Duk alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Aikin farko ba rubutu ba ne

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai an auna lokaci. Idan ka tambayi ma'aikaci awa nawa rahoto ke cin sa, zai ce maka mako biyu, domin abin da yake ji a jikinsa ke nan. Amma a cikin makonnin nan biyu yana biyan 'yan kwangila, yana zuwa banki, yana jiran reshen da bai turo ba. Jira daban, aiki daban, kuma darakta zai gane in an cakuɗa su. Don haka kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan uku ya ajiye takarda a gefen kwamfutarsa, ya riƙa rubuta lokacin da ya fara wani sashe na aikin da lokacin da ya ajiye shi. A yi haka wata biyu a jere, saboda wata ɗaya yana iya zuwa da abin da ba a saba ba, kamar hutun sallah ko ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara.

A misalinmu, takardun sun nuna awa 76 a wata idan aka haɗa mutum ukun. Bibiyar rassa da tattara fayil ya ci awa 10. Kwafa, liƙawa da gyara lambobi ya ci awa 22, shi ne mafi girma. Daidaita lissafi da takardar banki da littafin sito ya ci 16. Zana jadawali da hotunan alƙaluma a jera su a rahoto ya ci 14. Rubuta bayanin abin da lambobin ke nufi ya ci 8, sai gyare-gyare bayan shugaban sashe ya duba, awa 6.

Yanzu sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a tambaya: wanne ne kwamfuta za ta ɗauke? A nan ne ake rabuwa tsakanin takardar gaskiya da ta cika baki. Kwafa da liƙawa aiki ne da ake maimaita shi iri ɗaya kowane wata, don haka awa 22 za su iya komawa 2. Jadawali da hotuna, in an gina su sau ɗaya, suna sabunta kansu, awa 14 su koma 2. Amma kwamfuta ba za ta ɗaga waya ta kira manajan reshe ta ce masa ya turo lissafi ba, saboda haka awa 10 ba za su sauka ƙasa da 6 ba. Daidaita lissafi zai yi sauƙi, domin kwamfuta za ta ware layukan da ba su dace ba, sai dai mutum ne zai bi sawun kowannensu ya gano dalili, awa 16 su koma 10. Gyare-gyare su ragu zuwa 3. Rubuta bayani kuwa yana nan a awa 8, kuma bai kamata a taɓa shi ba, tunda shi ne sashen da ake biyan akanta albashi dominsa.

Jimla ta zama awa 31. Akwai kuma wani sabon aiki da babu shi a da, wanda mutane da yawa ke mantawa: kula da tsarin kansa. Reshe zai canza sunan kaya, za a buɗe sabon asusun banki, wani zai turo fayil a birkice. A ware wa wannan awa 5 a wata. Ke nan awa 36 a maimakon 76. Abin da aka rage awa 40 ne a wata, 480 a shekara, wato kaɗan ya haura rabi. Bai kai kashi tamanin cikin ɗari ba, amma adadi ne da za ka iya tsayawa a gaban kowa ka kare shi layi-layi.

Mene ne ainihin abin da za a saya?

Darakta yana da haƙƙin ya fahimci abin da zai biya wa kuɗi, a cikin magana mai sauƙi. A kamfani irin wannan, kayan aikin sau da yawa yana cikin kwamfutar ofis tuntuni. Manhajar Excel, tun daga fitowar 2016, tana ɗauke da wani sashe mai suna Power Query. Aikinsa shi ne a nuna masa sau ɗaya yadda ake haɗa fayil da gyara su, ya haddace matakan, ya riƙa maimaita su. Ana ware wuri ɗaya a kwamfuta inda ake zuba fayil ɗin rassa duka, a bi `Data`, `Get Data`, `From File`, `From Folder`, a nuna masa wurin. Daga nan a koya masa: cire layuka uku na sama, mai da wannan layin tsaye kwanan wata, haɗa wannan da jerin farashi. Wata mai zuwa, in an zuba sababbin fayil, sai a danna `Refresh All`, jadawali su cika da kansu.

Sharaɗin kawai shi ne kowane reshe ya yi amfani da fom iri ɗaya. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin gaba ɗaya, kuma matsalar ta mutane ce. Reshe ɗaya yana rubuta `Zaria`, wani `Zariya`, wani `ZAR`, kwamfuta kuma za ta ɗauke su garuruwa uku. Wani yana rubuta `N250,000` da harafi a gaba, Excel ta ɗauke shi rubutu ta ƙi haɗa shi a jimla. Mafi haɗari shi ne kwanan wata: `03/04` a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka yana nufin 4 ga Maris, a wadda aka saita da tsarin Birtaniya kuma 3 ga Afrilu. Cinikin wata guda zai iya komawa wani watan ba tare da wata alama ta fito ba. Don haka a cikin takardar, ban da kuɗi, a nemi darakta ya ba da umarni da sa hannunsa cewa daga wata kaza kowane reshe zai cika fom ɗaya, ya turo zuwa ranar aiki ta biyu. Akanta ba shi da ikon tilasta wa manajan reshe, darakta yana da shi. Wannan umarni ba ya cin ko kwabo, kuma in babu shi duk kuɗin da aka kashe asara ce.

Inda lissafin kuɗin ke ba da mamaki

Sai a mai da awanni kuɗi. Ba albashin da ma'aikaci ke karɓa a hannu ake ɗauka ba, a'a, duk abin da kamfani ke kashewa a kansa: albashi, alawus, da kason fansho na kashi 10 cikin ɗari da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki. Mu ce ya kama naira 400,000 a wata. A raba da awa 160 na aikin wata, awa ɗaya ta zama naira 2,500. Awa 40 ke nan naira 100,000 a wata.

Ga kuma abin da ake nema. Ƙwararren da zai gina tsarin ya rubuta bayaninsa, naira 900,000. Horar da ma'aikatan hedkwata da na rassa, 250,000. Inganta kwamfutar da za ta ɗauki aikin da sa mata batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, 350,000. A ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Jimla naira 1,650,000. A raba da 100,000, kuɗin zai dawo cikin wata goma sha shida da rabi. Sai dai a watan da ake gini ba a rage komai ba, kuma a wata biyun da ke biye za a yi rahoton ta hanyoyi biyu, tsohuwa da sabuwa, don a gwada su. Saboda haka gaskiyar magana wata ashirin ne. A rubuta ashirin. A kuma ƙara layi ɗaya: in abin bai yi kyau yadda ake zato ba, aka rage awa 30 kawai, zai kai wata ashirin da biyar. Daraktan da ya ga ka kawo mummunan lissafin da kanka zai fi yarda da kyakkyawan.

To ga inda masu rubuta takarda ke faɗawa rami. Ƙwararren zai nuna maka manhajar Power BI, wadda shugabanni ke buɗe rahoto a wayarsu su ga hotuna masu launi suna motsi. Abin yana da kyau, kuma sashenta da ake gina rahoto da shi a kwamfuta kyauta ne. Amma raba rahoton ga wasu ta intanet yana buƙatar lasisi, wanda kamfanin Microsoft ya ɗaga daga dala 10 zuwa dala 14 ga kowane mutum a wata tun daga Afrilun 2025. Mutum huɗu, dala 56 a wata. In muka ƙaddara dala a naira 1,500, naira 84,000 ke nan duk wata, daga cikin 100,000 ɗin da muka ce an rage. Saura 16,000. Da wannan, kuɗin da aka zuba ba zai dawo ba sai bayan shekara takwas da ɗoriya. Kuma kuɗi ne da ake biya da dala. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san cewa alƙawarin biyan dala kowane wata ba abin ɗauka da wasa ba ne.

Shawarata ga kamfani mai wannan girma ita ce ya tsaya a Excel a zangon farko, ya fitar da rahoton a fayil ɗin PDF ya tura wa shugabanni. In bayan wata shida darakta da kansa ya ce yana son gani a wayarsa kullum, sai a kawo maganar lasisi a takarda ta daban, da nata lissafin. A ambaci wannan a takardar farko a layi biyu, don ya san an duba an ajiye da gangan.

Tambayar da darakta zai yi

Darakta mai kaifin basira zai ɗago kai ya ce: "To, naira dubu ɗarin nan, a wane asusu zan gan ta?" Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma ita ce ba zai gan ta a asusu ba. Albashin mutum ukun bai ragu ba. Awa 40 ba kuɗi ba ne sai in an yi wani abu da su. Wanda ya rubuta "za mu adana naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara" ya faɗi abin da ba zai faru ba, kuma ranar da aka bincika ba a gani ba, ba za a sake yarda da takardarsa ba.

Abin da ya dace shi ne a raba ribar gida biyu a fili. Akwai kuɗin da zai daina fita da gaske, kamar kuɗin ƙarin lokaci da ake biyan ma'aikata in sun kai dare, da man janareton da ake ƙonawa ranar Asabar saboda rahoto, ko ma'aikaci na huɗu da ake shirin ɗauka in an buɗe reshe na bakwai, wanda yanzu ba sai an ɗauka ba. Waɗannan a sa su da adadinsu daga littafin kamfani. Sai kuma lokacin da aka 'yanta, wanda dole a faɗi takamaimai inda za a kai shi. A misalinmu wurin a bayyane yake: bin bashi. Kamfanin da ke ba 'yan kasuwa kaya bashi yana da kuɗi masu yawa a waje, kuma awa 40 a wata na kiran waya da daidaita asusun masu bashi aiki ne da ke dawo da tsabar kuɗi.

Sannan akwai ribar da, a wajena, ta fi duka nauyi, ita ce ranar da rahoto ke isowa. Daga 15 ga wata zuwa 6 ga wata kwana tara ne. A cikin kwana taran nan ɗan kasuwar da bashinsa ya wuce iyaka yana ci gaba da ɗaukar kaya, domin babu wanda ya ga jimlarsa. Kayan da suka kusa lalacewa suna zaune a sito ɗaya alhali wani reshe yana neman su. Kada a yi ƙoƙarin ƙirƙiro wa wannan adadi. A koma rahotannin watannin baya, a zaro abu ɗaya da ya faru da gaske, wanda darakta ya sani kuma ya yi faɗa a kansa, a nuna cewa da rahoto ya zo ranar 6 da an gan shi tun kafin ya girma. Gani ya kori ji.

Shi ya sa sakin layin farko na takardar ya kamata ya ɗauki komai, ta yadda ko bai juya shafi ba ya san abin da ake nema. Misali: "Yallaɓai, ina neman amincewarka a kashe naira 1,650,000 sau ɗaya don rahoton wata ya riƙa haɗa kansa. Mun auna wata biyu, aikin yana cin awa 76 a wata, muna sa ran ya koma 36. Rahoton zai riƙa iso maka ranar 6 ga wata a maimakon 15. Awannin da aka rage za su tafi wajen bin bashi. Babu kuɗin lasisi na wata-wata. Muna kuma roƙon umarninka ga manajojin rassa kan fom ɗaya." Sauran bayani ya biyo baya, kada ya wuce shafi biyu, a liƙa takardun auna lokaci a baya.

Abin da zai iya lalacewa

Aikin hannu yana da kuskure, amma mai yin sa yakan ga abin da bai yi daidai ba yana cikin kwafa. Tsarin da ke haɗa kansa yana iya yin kuskure shiru, wata bayan wata, rahoto yana fitowa tsaf. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga ƙidaya ba tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Dalili shi ne ana zuba sakamakon gwaji kai tsaye a tsohon nau'in fayil na Excel, `XLS`, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, sauran layukan suka riƙa zubewa ba tare da kowa ya sani ba, aka yi jinkirin neman mutanen da suka yi mu'amala da masu cutar.

Maganin wannan ba shi da tsada, kuma dole ya fito a takardar. Kowane reshe ya rubuta jimlar cinikinsa a saman fom. A shafin farko na rahoto a sa gurbi da ke kwatanta jimlar da kwamfuta ta haɗa da jimlar da rassa suka rubuta, bambanci ya zama sifiri. A sa wani gurbi da ke ƙirga fayil: shida ake jira, shida suka shigo. In ɗaya daga cikin biyun bai dace ba, rahoto ba ya fita. Wata biyun gwaji ma amfaninsu ke nan: sai sabuwar hanya ta ba da lambobi daidai da tsohuwa sau biyu a jere sannan a ajiye tsohuwar.

Haɗari na biyu shi ne tsarin ya zauna a kan mutum ɗaya. Ƙwararre ya gama ya tafi, ko ma'aikacin da ya iya ya samu wani aiki, ranar da abu ya tsaya babu mai taɓawa. A sa a yarjejeniya cewa ba za a biya kaso na ƙarshe ba sai ma'aikata biyu sun haɗa rahoton wata guda da kansu, ƙwararren yana zaune bai sa hannu ba. In kuma fayil ɗin suna ɗauke da sunaye da lambobin wayar abokan ciniki ko albashin ma'aikata, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe su, don haka a faɗi wanda zai iya buɗe su da abin da za a bai wa ƙwararren waje ya gani.

Akwai kuma abin da ba a cika rubutawa ba amma yana kashe aiki tun daga ciki. Ma'aikacin da ya ji an ce kwamfuta za ta ɗauke rabin aikinsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne sallama. Mutumin da ke wannan fargaba ba zai rubuta awanninsa da gaskiya ba, kuma ba zai faɗi ƙananan dabarun da yake gyara lambobi da su ba, alhali su ne ake buƙata a koya wa kwamfuta. A zauna da su tun kafin a fara auna lokaci, a faɗa musu inda awannin za su tafi, a kuma rubuta shi a takardar yadda darakta zai sa hannu a kai. In ba za ka iya ba su wannan tabbaci da gaskiya ba, kada ka yi musu alƙawarinsa.

A ƙarshen takardar ka ɗaure kanka da rana. Ka rubuta cewa bayan wata shida za a sake auna awanni da irin takardar da aka auna da farko, a kawo wa darakta sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ka kuma kai takardar kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, domin buƙatar da ta zo bayan an raba kuɗi sai an ƙwace daga wani sashe kafin a biya ta. In a ofishinku ana wannan wahala, kada ka fara da neman ƙwararre ko tambayar farashin manhaja. Ranar 1 ga wata mai kamawa ka ajiye takarda da biro a gefen kowace kwamfuta, ku fara rubuta awanni.